Takarda daga HMRC kan kuɗin da nake samu a gida: me zan amsa musu?

Maman_Sadiq_Bradford

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji a Ingila.

Ni nas ce, na zo nan a watan Satumba na 2021 da bizar ma'aikatan lafiya. Harajina daga albashi ake cirewa, ban taɓa cike fom ɗin haraji da kaina ba. Jiya na tarar da takarda daga HMRC, hukumar harajin ƙasar nan, suna cewa sun samu bayani cewa mai yiwuwa ina da kuɗin shiga a wata ƙasa wanda ya kamata a biya masa haraji a nan. Sun haɗo da wata takarda mai suna Certificate of tax position, an ce in zaɓi akwati ɗaya, in sa hannu, in mayar cikin kwana 30.

Abin da nake da shi a gida: wani gida mai ɗaki uku a Kaduna da na gada daga mahaifinmu. Ƙanena ne a ciki har ya yi aure ya tashi, sai muka sa ɗan haya daga Janairun 2023, naira miliyan 1.8 a shekara, yana biya gaba ɗaya duk Janairu. Sai kuma wata ajiya a banki da ke kawo kamar naira 300,000 a shekara. Kuɗin nan can suke zama, Hajiyarmu ake yi wa hidima da su, magani da cefane.

Tambayata, ni da ba ni da takardar zaman dindindin, su ma suna ɗauka ta a mazauniyar ƙasar nan ce? Kuma idan na zaɓi akwatin da ke cewa babu abin da ake bina, laifi ne?

Auwal_Tipa

Wa alaikumus salam. Anti ki fara tabbatarwa ba 'yan damfara ba ne. Yanzu har takarda suna bugawa da tambarin gwamnati.

Maman_Sadiq_Bradford

Na duba Auwal. A shafin gov.uk akwai inda ake tantance takardunsu, kuma na kira lambar da na ɗauko daga shafin, ba ta jikin takardar ba. Sun ce daga wurinsu take.

Ɗanjuma_Peckham

Hajiya kwantar da hankalinki. Kuɗin da aka samu a Najeriya, aka kashe a Najeriya, ina ruwan Ingila da shi? Dokar a fili take, sai abin da kika shigo da shi ƙasar nan ake cajin haraji a kai. Shekara goma sha wani abu ina nan, ina da shaguna biyu a Kano, ba wanda ya taɓa tambayata. Ki zaɓi "babu", ki aika musu abinsu.

Binta_Akanta

Malam Ɗanjuma, don Allah a daina ba da wannan shawarar haka kai tsaye. Wani ɓangare na maganarka gaskiya ne a da, bisa sharuɗɗa, amma tun 6 ga Afrilu 2025 an soke wannan tsarin gaba ɗaya.

Maman Sadiq, bari mu fara da tambayarki ta farko, don a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Zama na biza daban, zama na haraji daban. Ofishin shige da fice ne ke duba ko kina da izinin dindindin. HMRC kuwa kwana take ƙirgawa. Shekarar harajinsu tana farawa 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilu na gaba, kuma duk wanda ya kwana 183 ko fiye a ƙasar cikin wannan shekarar, mazauni ne a wurinsu, ko da bizar ɗalibi yake riƙe da ita. Ke da kike aiki a asibiti tun 2021, babu wata muhawara a kanki. Mazauniya ce ke a kowace shekara tun zuwanki, har shekarar farko, domin daga Satumba zuwa farkon Afrilu ya haura kwana 183 idan kin iso kafin ƙarshen watan.

Ƙa'idar kuma ita ce mazauni yana biyan haraji a kan abin da ya samu a ko'ina cikin duniya. Sassaucin da Malam Ɗanjuma ke nufi na mutanen da asalinsu ba nan ba ne kuma suna da niyyar komawa gida wata rana. Kafin Afrilun 2025, irin wannan mutumin idan kuɗinsa na waje da bai shigo da su ba bai kai fam 2,000 a shekara ba, shi ke nan, ba sai ya yi komai ba. Idan ya kai fam 2,000, to zaɓi biyu gare shi: ko dai ya bayyana ya biya, ko ya cike fom ya nemi a caje shi a kan abin da ya shigo da shi kawai. Wanda ya nemi na biyun kuwa yana rasa rangwamen fam 12,570 na farkon albashi da ba a cire wa haraji. Ba abu ne da ke hawa kan mutum da kansa don kawai ya yi shiru ba.

Kada ki sa hannu tukuna. Idan na tashi daga aiki zan zauna in yi miki lissafin shekara-shekara da alƙaluman da kika kawo.

Hauwa_M

Innalillahi. Ni tsorona kada a ce za su soke mata biza. Wata maƙwabciyarmu an aiko mata irin wannan takardar, ba a yi wata uku ba aka ce ta bar ƙasar.

Binta_Akanta

Hauwa, da wuya a ce irin wannan ce. HMRC ba ta ba da biza, ba ta kuma sokewa. Mai yiwuwa ta maƙwabciyarku daga ofishin shige da fice ta fito, wataƙila kamfanin da ya ɗauko ta ne ya rasa lasisinsa. Kada mu ƙara wa baiwar Allah tashin hankali.

Injiniya_Sabo

Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne ta yaya suka sani? Wa ya kai musu labarin gida a Kaduna?

Usman_Banki

Injiniya, ba labarin gidan aka kai musu ba, na asusun banki ne. Ina aiki a banki a Abuja, muna cike irin waɗannan bayanan. Akwai yarjejeniyar musayar bayanan asusu tsakanin ƙasashe sama da 100, ana kiranta CRS, Najeriya ta fara aikawa a 2020. Idan a takardunmu adireshinka ko lambar wayarka na wata ƙasa ne, ko ka cike fom ɗin da muke bayarwa ka rubuta cewa a can kake biyan haraji, to duk shekara sunanka da adireshinka da abin da ya rage a asusu a ƙarshen shekara da kuɗin ruwan da aka biya ka suna tafiya hukumar harajin tarayya, ita kuma ta tura wa ƙasar da kake zaune.

Ba a rubuta musu cewa wannan kuɗin haya ne ko na gado ne. Lamba kawai suke gani. Shi ya sa takardar take cewa "mai yiwuwa". Su ma tambaya suke yi.

Maman_Sadiq_Bradford

To lallai nan ne. Lokacin da na je gida hutu bankin ya ce sai na sabunta bayanaina, na ba su adireshin Bradford da lambar inshorar ƙasa ta nan.

Ɗanjuma_Peckham

Kin gani ko? Da adireshin Kaduna kika bari da duk wannan bai taso ba. Har yanzu ma ba a makara ba, ki mayar da asusun da sunan ƙanenki, ɗan haya ya riƙa biyansa.

Usman_Banki

Malam Ɗanjuma, fom ɗin da ta cike a banki shi ma shaida ce da mutum ke sa wa hannu cewa gaskiya ya faɗa. Daidai ta yi. Kuma bayanan shekarun baya sun riga sun tafi, canza suna yau ba zai goge su ba.

Barista_Kabir

Ina so in ja hankali a kan wannan shawarar ta sauya suna, domin ita ce za ta iya mayar da ƙaramar magana babba.

A dokarsu, yawan tara da yawan shekarun da za su koma baya sun danganta ne da halin da mutum ya nuna. Wanda bai sani ba daban, wanda ya yi sakaci daban, wanda ya sani ya ƙi faɗa daban, wanda kuma ya sani ya ɗauki mataki don ya ɓoye shi ne a can sama. A kan kuɗin ƙasar waje, tarar na ƙarshen nan tana iya kaiwa ninki biyu na harajin kansa, bayan harajin da kuɗin jinkiri. A yau Maman Sadiq tana cikin waɗanda ba su sani ba. Ranar da ta karɓi takarda, sannan ta je ta mayar da asusu sunan ƙanenta, ta rubuta musu "babu", da hannunta ta ɗauki kanta ta kai sahun masu ɓoyewa, kuma ranakun da ke jikin takardun banki za su nuna hakan.

Game da ita takardar sa hannun. Babu dokar da ta tilasta miki cike ta. Amsa ce ya kamata ki bayar cikin wa'adi, amma kina iya amsawa da wasiƙarki ta kanki. Ƙungiyar ƙwararrun masu ba da shawarar haraji ta ƙasar, CIOT, ta daɗe tana gargaɗin mambobinta a kan wannan takardar. Dalilin shi ne ba ta da iyakar shekara, kuma ba ta da wurin bayani. Idan kika zaɓi akwatin da ke cewa komai naki daidai yake, kin yi shaida a kan duk shekarunki da duk abin da kika mallaka a waje, kuma a jikinta an rubuta cewa shaidar ƙarya tana iya kai mutum kotu. A wasiƙa kuwa kina iya cewa: ga abin da nake da shi, ga shekarun da nake ganin babu haraji da dalilina, ga shekarar da nake ganin akwai, zan bayyana ta ta hanyar da kuka tanada.

Sai maganar Hauwa. Gaskiya ne wannan takardar ba ta taɓa biza. Amma idan aka zo neman zama ɗan ƙasa ana duba halin mutum, har da yadda ya yi da haraji, kuma a baya an hana mutane izinin dindindin saboda abin da suka faɗa wa ofishin shige da fice game da samunsu ya saɓa da abin da suka faɗa wa HMRC. Wanda ya gyara kuskurensa da kansa yana da takardar da zai nuna.

Malam_Nuhu_Jidda

Allah Ya kyauta. Mu nan Saudiyya ba a cire wa ma'aikaci harajin albashi, balle a tambaye ka gidan gadonka. Amma 'yar'uwa, tsakani da Allah, ita wannan ajiyar mai kawo kuɗin ruwa ya kamata ki duba ta. Akwai bankunan da ba sa harkar ruwa a Najeriya yanzu, akwai kuma sukuk na gwamnati.

Maman_Sadiq_Bradford

Na gode Malam. Maganar tana raina, mun ma tattauna da Hajiya.

Zainab_Leicester

Malam Nuhu ya yi gaskiya, sai dai a sani ko ribar sukuk ce, a wurin HMRC kuɗin shiga ne, sai an faɗa. Kada wani ya ɗauka sauya banki ya fitar da shi.

Ni ma an aiko min irin wannan a bara. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Da na kira su na tambayi wane asusu suke nufi, matar ta gaya min ƙasar da shekarar da bayanin ya shafa. Ashe wani tsohon asusu ne da na buɗe tun ina bautar ƙasa, abin da ya kawo a shekara bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Na rubuta musu wasiƙa shafi ɗaya, na haɗa da takardar bankin, bayan wasu makonni suka amsa cewa ba sa bukatar komai. Ki kira su ki tambaya, ba laifi ba ne, kuma idan kwana 30 ba za su ishe ki tattaro takardu daga gida ba, ki nemi ƙarin lokaci tun kafin wa'adin ya cika.

Binta_Akanta

To na dawo. Maman Sadiq ga lissafin. Canjin da zan sa ƙiyasi ne don ki ga yadda abin yake tafiya. Na gaskiyar za ki ɗauko shi daga jadawalin canjin da HMRC ke wallafawa, ba na 'yan canjin bakin kasuwa ba.

Shekarar 2022/23 ita ce mai magana. Hayar farko ta shigo Janairun 2023, lokacin ba a saki naira ba tukuna. Mu ƙaddara fam ɗaya naira 550. Miliyan 1.8 ta zama kamar fam 3,270, kuɗin ajiyar kuma kamar fam 545. Kin haura fam 2,000 nesa ba kusa ba, don haka sassaucin nan bai rufe ki ba, kuma ya kamata a ce kin sanar da su kafin 5 ga Oktoba 2023, kin biya kafin 31 ga Janairu 2024.

Nawa ne harajin? Kuɗin ajiyar ba komai a kansa, domin mai biyan kashi 20 yana da rangwamen fam 1,000 a kan ribar ajiya, in dai wadda kike samu a bankunan nan ba ta cinye shi ba. A kan haya akwai rangwamen fam 1,000 shi ma. Idan aka cire, saura fam 2,270, kashi 20 ɗinsa fam 454. Wannan idan albashinki da hayar ba su haura fam 50,270 ba, wanda nake zaton ba su haura ba.

Ki kwatanta da hanyar da Malam Ɗanjuma yake nufi. Da kin nemi a caje ki a kan abin da kika shigo da shi kawai, da kin rasa rangwamen fam 12,570, wato ƙarin haraji sama da fam 2,500 a albashinki, don ki tsere wa fam 454. Tsarin nan masu manyan kuɗi a waje yake yi wa amfani, ba ma'aikaciyar asibiti ba.

Shekarar 2023/24, haya ta shigo Janairun 2024, bayan faɗuwar naira. Mu ce 1,100. Haya fam 1,636, ajiya fam 273, jimla kamar 1,909. Ƙasa da 2,000 ne, amma da ƙyar, don haka a nan dole a sa canjin gaskiya a kuma cire abin da kika kashe wa gidan kafin a yanke magana.

Shekarar 2024/25, mu ce 1,900. Haya fam 947, ajiya fam 158. Babu matsala.

Daga Afrilun 2025 kuma sabon tsari ne. Sababbin zuwa da suka yi shekara 10 ba sa zaune a ƙasar suna iya neman a yafe musu harajin kuɗin waje na shekara huɗu na farko. Ke naki huɗun sun ƙare a Afrilun 2025, don daga 2021/22 ake ƙirgawa. Yanzu komai naki na gida a lissafi yake, ko kin shigo da shi ko ba ki shigo da shi ba. Abin da ya cece ki shi ne hayar tana ƙasa da fam 1,000. Ranar da kuka ƙara wa ɗan haya zuwa miliyan 2.5, a wannan canjin ta zama kamar fam 1,300, sai rajistar Self Assessment, tsarin da mutum ke cike fom ɗin harajinsa da kansa duk shekara, da cike shafin kuɗin waje, SA106.

Alhaji_Garba_CTA

Binta kin yi ƙoƙari, na yarda da tsarin lissafinki. Wuri ɗaya nake da ja. Rangwamen fam 1,000 na haya, idan hayar ta haura dubu ɗin, ba ya zuwa da kansa, zaɓarsa ake yi, kuma zaɓin yana da wa'adi: shekara ɗaya bayan ranar rufe fom. Na 2022/23 ya wuce tun 31 ga Janairu 2025. Don haka ni ba zan gina lissafi a kansa ba. Gara a cire ainihin abin da aka kashe wa gidan a shekarar. 'Yata, me kika kashe, kuma kina da shaida?

Maman_Sadiq_Bradford

Baba Alhaji, dillalin da ke kula da gidan yana cire kashi 10, naira 180,000. Sannan a watan Fabrairun shekarar aka gyara sokawe da famfo, naira 220,000. Rasit ɗin mai gyaran yana wurin ƙanena, rubutun hannu ne a takardar shagonsa. Akwai kuma katanga da muka ƙara wa tsayi muka sa waya.

Alhaji_Garba_CTA

Rasit na hannu ba laifi, ya ɗauki hotonsa ya turo, ki haɗa da shaidar tura kuɗin daga banki. Kuɗin dillali da gyaran sokawe suna shiga. Ƙarin katanga ba ya shiga, don wannan ƙara wa gida daraja ne, ba mayar da abin da ya lalace yadda yake ba. To 400,000 daga miliyan 1.8, saura miliyan 1.4. A canjin Binta kamar fam 2,545, haraji kamar fam 509. Sai kuɗin jinkiri daga ƙarshen Janairun 2024, sai tara.

Binta_Akanta

Baba Alhaji, na san wa'adin. Amma na ga inda aka karɓi irin wannan zaɓin a cikin bayyanawar da aka yi daga baya. Ni zan sa shi in yi bayani, idan sun ƙi sun ƙi.

Alhaji_Garba_CTA

Mai yiwuwa. Ni dai a kan bambancin fam hamsin da 'yan kai ba zan buɗe ƙofar doguwar wasiƙa da su ba. Wanda zai riƙe mata aikin ya yanke.

Injiniya_Sabo

Amma wannan ba zalunci ba ne? Gida a Kaduna, ɗan haya a Kaduna, Najeriya ta ci haraji, Ingila ma ta ci?

Alhaji_Garba_CTA

Injiniya, akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu tun 1987 don kada a ci mutum sau biyu. Najeriya ce ke da haƙƙin farko a kan gidan da ke ƙasarta. Abin da mutum ya biya a can a kan hayar, ana rage masa shi daga na nan. Amma sai wanda aka biya da gaske, da takardar shaida. Yawancinmu ba ma biyan komai a kan haya a gida, to babu abin da za a rage. Kashi 10 da banki ke cirewa daga ribar ajiya kuma ba za a ɗauko shi a rage harajin haya da shi ba, kowane kuɗi da nasa lissafin.

Sani_Houston

Ku gode wa Allah ma. Mu a Amurka idan jimlar asusunka na waje ta haura dala 10,000 ko na rana ɗaya ne a shekara, sai ka cike FBAR, fom ɗin bayyana asusun ƙasar waje, ko da asusun bai kawo maka ko sisi ba.

Maman_Sadiq_Bradford

Akwai abin da na tuna da daddare, gara in faɗa. Na ce kuɗin duk a gida suke zama, amma a 2024 da za mu biya kuɗin ajiyar sabon gidan haya a nan, na tura wa wata abokiyar aikina naira 400,000 a asusunta na Najeriya, ita kuma ta ba ni fam a nan. Daga wannan asusun na tura. Shi ma ana lissafa shi? Ai kuɗin bai ratso ta banki zuwa nan ba.

Binta_Akanta

Ana lissafa shi. A wurinsu shigo da kuɗi ba sai ta hanyar banki ba. Idan kika amfana da shi a nan, ko ta irin wannan musayar, ko ki sa katin bankin Najeriya a shago a Bradford, ya shigo. Fam ɗari biyu da 'yan kai ne, ba wani abu ba ne mai yawa, kuma ko akwai haraji a kansa ya danganta da kuɗin wace shekara ne aka ɗauka a cikin asusun, tunda haya da ribar ajiya da tsohon kuɗinki duk a haɗe suke. Wannan sai an ga takardar asusun layi-layi. Amma kin ga dalilin da ya sa Barista ya ce kada ki yi saurin sa hannu. Da jiya kika zaɓi akwati, da kin yi shaida a kan abin da ke kanki ba ki gama tunawa ba.

Ɗanjuma_Peckham

Ni fa har yanzu ina ganin ana kai kai ne inda ba a kira mutum ba. Mutum nawa ne a garin nan suke da gidaje a gida? Duk sun bayyana?

Hauwa_M

Malam Ɗanjuma ai ita an kira ta. Takarda ce da sunanta a hannunta.

Barista_Kabir

Malam Ɗanjuma, kai da ka ce kana da shaguna biyu kuma ka haura shekara goma a nan, shawarata ka je ka ga mai ba da shawarar haraji tun takarda ba ta zo maka ba. Wanda ya je da kansa tararsa ta fi sauƙi a kan wanda aka rubuto wa, wani lokacin ma ba a cin sa tarar. Kuma a kan kuɗin waje suna iya komawa baya shekara 12, idan mutum bai taɓa sanar da su ba ko da gangan ya yi har 20.

Ɗanjuma_Peckham

Shagunan da sunan mahaifiyata suke, ita ke cin kuɗin.

Alhaji_Garba_CTA

Idan nata ne da gaske, ita ta mallaka ita ke karɓa, to ba naka ba ne, babu magana. Idan kuwa kai ka saya, kai ke cewa a yi kaza da kuɗin, suna kawai aka ara, to amsar ta canza. Ita ma Maman Sadiq, da Hajiyarsu ce ta gaji gidan, da ba mu yi wannan doguwar maganar ba. Amma gidan nata ne, kyautar da take yi wa mahaifiyarta da kuɗin ba ta cire shi daga lissafinta.

Maman_Sadiq_Bradford

Wannan ya sa na kira yayanmu. Gidan a rabon gado ni aka ba, amma ya ce takardar filin har yau sunan Baba ne a jiki, ba a sauya ba. Takardar rabon da aka yi a kotun shari'a ita ce ke nuna nawa ne.

To yanzu ta ina zan fara?

Alhaji_Garba_CTA

Takardar kotun ta wadatar, gidan naki ne, ki ajiye kwafinta.

Ki fara da kiransu gobe, kamar yadda Zainab ta ce, ki gaya musu kin karɓi takardar, kina tattara bayanai, za ki bayyana. Ki rubuta ranar da sunan wanda kika yi magana da shi. Ki nemi bankinki na gida ya turo miki takardar asusu tun daga Satumban 2021, duka asusun da kike da su, har wanda kika daina amfani da shi. Sannan a yi rajista a Worldwide Disclosure Facility, hanyar da HMRC ta tanada don bayyana kuɗin waje da ba a biya wa haraji ba, ta shafin gov.uk. Za su ba ki lamba, daga nan kina da kwana 90 ki miƙa lissafin haraji da kuɗin jinkiri da tarar da kike ganin ta dace, ki biya. Saboda haka kada ki yi rajistar sai kin tabbatar takardun gida suna hanya, don na ga wanda banki ya riƙe shi wata biyu. Idan ba za ki iya biya gaba ɗaya ba, ana faɗa musu tun kafin a miƙa a tsara biya kaɗan-kaɗan.

Ki sami wanda yake da rajista da CIOT ko ATT, wata ƙungiyar masu aikin haraji, ya duba miki, ki tambayi kuɗin aikinsa tun farko. Akwai TaxAid da ke taimakon masu ƙaramin samu kyauta, sai dai albashin nas zai iya haura iyakarsu.

Zainab_Leicester

Nawa masu duba irin wannan suke karɓa? Kada kuɗin akanta ya fi harajin yawa.

Binta_Akanta

Yana iya fin sa, gaskiya. Shi ya sa wasu ke cike abinsu da kansu idan shekara ɗaya ce kamar wannan, su biya a duba musu kawai kafin su tura. Ni abin da ya sa nake so wani ya gani shi ne 2023/24 da ke bakin iyaka da kuma naira 400,000 ɗin nan.

Maman_Sadiq_Bradford

Na kira su yau da safe kafin in shiga aiki. Sun ce bayanin daga Najeriya ne, kuma sun ƙara min kwana 30. Na gaya wa matar ba zan cike takardar sa hannun ba, wasiƙa zan rubuto, ta ce babu damuwa. Ƙanena ya turo hoton rasit, bankin kuma sun ce sai na aika buƙatar daga imel ɗin da ke rajista da su, wanda na manta kalmar sirrinsa tun tuni. Usman_Banki, akwai wata hanyar?

Usman_Banki

Akwai. Ki kira layin masu hulɗa daga ƙasashen waje, za su tantance ki da BVN da tambayoyin tsaro su sauya imel ɗin. Ki ce musu takardar asusu mai hatimi kike so, kuma su haɗa miki da shaidar harajin kashi 10 da suka riƙa cirewa, don ba sa bayar da ita sai an tambaya.